Me ke faruwa bayan ka danna Schedule? Fashin baƙi a kan API

Duk wanda ke amfani da manhajar tsara lokacin fostin, irin su Buffer ko Hootsuite, ya san yadda abin yake. Ka buɗe dashbod da daddare, ka rubuta tallan kayanka, ka ɗora hoto, ka zaɓi gobe ƙarfe takwas na safe, ka danna Schedule, ka kashe data ka kwanta. Gari na wayewa sai ga fostin ya fita a kan lokaci, alhali wayarka tana kashe ko ma cajinta ya ƙare tun cikin dare. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, wa ya danna maɓallin turawa da ƙarfe takwas ɗin? Babu wanda ya danna. Babu wani ma'aikaci da ke zaune yana shiga asusunka, kuma manhajar ba ta buɗe shafin Facebook ko Telegram tana laluben maɓalli kamar yadda kai kake yi. Kwamfutar kamfanin manhajar ce ta aika wa kwamfutar dandalin wani gajeren saƙo a rubuce, bisa wata ƙa'ida da dandalin ya shimfiɗa. Wannan ƙa'idar, da ƙofar da ake bi a miƙa saƙon, su ake kira API.

Dashbod an yi shi ne domin idon mutum da yatsansa, shi ya sa yake da launuka da kalanda da maɓallai. Manhaja kuwa ba ta da ido, ba ruwanta da launi. Abin da take buƙata shi ne a gaya mata adireshin da za ta aika buƙata, da bayanan da za ta saka a ciki, da irin amsar da za ta samu. Ka tuna yadda ake cire kuɗi a kantar banki. Ba a barin ka ka shiga ɗakin ajiya ka ƙirgo da kanka. Takarda ake ba ka mai gurabe tsararru: lambar asusu nan, adadin kuɗi nan, sa hannu nan. Ka cike daidai a ba ka kuɗi, ka yi kuskure a dawo maka da takardar a gaya maka inda ka kuskure. Kuma ba za ka ƙirƙiro sabon gurbi a takardar ka nemi abin da bankin bai tanada ba. Haka API yake, sai dai mai cike takardar manhaja ce, mai karɓa ma manhaja ce.

A gaskiya API biyu ne ke aiki a labarin fostin ɗinka. Na farko yana tsakanin dashbod da sabar kamfanin manhajar, wato kwamfutar nan tasu da ke aiki dare da rana: da ka danna Schedule, burauzarka ta aika rubutun da hoton da lokacin can, aka adana. Idan kana kan kwamfuta za ka iya ganin wannan da idonka. Danna F12 a Chrome ko Firefox, ka shiga shafin Network, sannan ka tsara wani fostin, za ka ga sabon layi ya bayyana, wato buƙatar da ta fita kenan. Na biyu yana tsakanin sabar kamfanin da dandalin da kake son a wallafa a kai, kuma shi ne ke aiki da ƙarfe takwas kana barci. Na biyun ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin yawancin jan rubutun da kake gani a dashbod, irin su Failed da Reconnect, daga can suke tasowa.

Mu gwada da hannu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce mutum ya zama manhajar da kansa na ɗan lokaci, ya aika buƙatar da hannunsa. Na zaɓi Telegram ne saboda API ɗinsa na bot, wanda aka buɗe a 2015, kyauta ne, ba ya buƙatar cike takardun neman izini, kuma burauza kaɗai ta isa a fara. Bot a nan ba wani abu ba ne illa asusun da manhaja ke sarrafawa maimakon mutum.

Mu ɗauka kana sayar da atamfa, kana da tasha a Telegram inda kake sanar da kwastomomi sabbin kaya. Matakin farko shi ne samun izini. Ka nemo @BotFather a cikin Telegram, ka rubuta masa /newbot, zai tambaye ka suna, sannan sunan asusu wanda dole ya ƙare da bot. Da ka gama zai ba ka wani dogon jerin lambobi da haruffa mai ɗigo biyu a tsakiya. Wannan shi ne tokin, kuma shi ne shaidar da ke nuna cewa buƙata daga gare ka take. Daga nan sai ka shiga saitin tasharka ka saka bot ɗin a matsayin admin mai ikon wallafa saƙo.

Yanzu ka buɗe burauza ka rubuta wannan, ka sa tokin ɗinka a gurbin TOKIN, manne da kalmar bot ba tare da rata ba:

```
https://api.telegram.org/botTOKIN/getMe
```

Ba za ka ga shafi mai ado ba. Rubutu ne tsagwaronsa zai fito, mai kama da wannan:

```
{"ok":true,"result":{"id":123456789,"is_bot":true,"first_name":"Atamfa","username":"sunan_bot"}}
```

To ka yi kiran API na farko kenan. Ka tambayi Telegram, wane ne mai wannan tokin, shi kuma ya amsa. Tsarin rubutun nan mai baka-baka da ɗigo biyu shi ake kira JSON. Kowane bayani yana da suna a hagu da ƙima a dama, domin manhaja ta iya tsamo abin da take so ba tare da ta karanta jimla ba. Idan ka lura da kyau mutum ma yana iya karanta shi: `"ok":true` na nufin komai ya tafi daidai.

Sai aikin da ya kawo mu, wato tura saƙo tasha. Ga yadda ake yi da curl, wata ƙaramar manhaja ta layin umarni da ke zuwa tare da Mac da yawancin Linux. Sababbin Windows ma suna da ita, sai dai a can ka buɗe Command Prompt, ka haɗe umarnin a layi ɗaya, ka cire alamar karkatacciyar sanda ta ƙarshen layi:

```
curl -X POST "https://api.telegram.org/botTOKIN/sendMessage" \
  -d "chat_id=@sunan_tasharka" \
  --data-urlencode "text=Sababbin atamfofi sun iso, a garzayo"
```

Ka dubi layukan nan uku a tsanake, domin kusan kowane API na yanar gizo da za ka ci karo da shi haka gininsa yake. Akwai adireshi, wanda ƙarshensa, `sendMessage`, ke faɗin aikin da ake so a yi. Akwai `POST`, wanda ke nuna cewa kana miƙa bayani ne domin a yi wani abu da shi, saɓanin `GET` da burauza ta yi ɗazu, wanda a al'ada na karanto bayani ne kawai. Akwai tokin. Sannan akwai gurabe biyu da Telegram ya wajabta: `chat_id`, wato ina za a kai saƙon, da `text`, wato me za a ce. Sunayen guraben ba naka ba ne, na Telegram ne. Idan ka rubuta `message` a maimakon `text` don ya fi yi maka ma'ana, za a ƙi buƙatar, a ce saƙonka fanko ne.

Idan komai ya yi daidai, kafin ka ɗago kai saƙon ya bayyana a tasha, kuma amsa ta dawo maka. Ga ta a taƙaice:

```
{"ok":true,"result":{"message_id":57,"date":1767250800,"text":"Sababbin atamfofi sun iso, a garzayo"}}
```

Lambar `message_id` ita ce manhajar tsara fostin ke adanawa, ita ce ke ba ta damar gyara saƙon ko share shi daga baya. Kore ɗin nan da kake gani a dashbod mai cewa Sent ko Published kuwa, ba komai ba ne illa wannan `"ok":true` da aka yi wa kwalliya.

Maganar agogo

Ka ga a umarnin nan babu inda muka ambaci ƙarfe takwas. Ba mantuwa ba ce. API ɗin bot na Telegram ba shi da gurbin saka lokacin gaba, duk saƙon da aka miƙa masa nan take yake fita. Abin mamakin shi ne, kai da kake riƙe da waya kana iya danne maɓallin turawa ka zaɓi Schedule Message a cikin manhajar Telegram, amma bot ba shi da wannan damar. Wannan darasi ne babba ga mai farawa: abin da manhajar dandali ke iya yi daban, abin da dandalin ya yarda a yi ta API ɗinsa daban. Na biyun kusan kullum ya fi ƙanƙanta.

Ashe kenan aikin da kake biyan manhajar tsara fostin ta yi maka, a wannan misalin, shi ne riƙe saƙon da duba agogo. Sabarta ba ta barci. Tana ajiye da rubutunka, lokaci na cika ta aika irin buƙatar da ka aika da hannu yanzu. Facebook kuwa ya ɗan bambanta, domin API ɗinsa na shafuka yana da gurbi mai suna `scheduled_publish_time`, inda ake iya miƙa masa fostin tun yanzu a ce ya riƙe har lokacin ya yi, muddin lokacin ya kai aƙalla minti 10 nan gaba. Bambancin yana da tasiri a aikace. Idan dandalin ne ke riƙe da fostin, ko da sabar manhajarka ta faɗi cikin dare zai fita. Idan manhajar ce ke riƙe da shi, faɗuwarta faɗuwar fostin ce.

Sai wannan doguwar lamba ta `date`, 1767250800. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1970 a agogon duniya na UTC. Lambar da ke sama tana daidai da ƙarfe 7 na safiyar 1 ga Janairu 2026 a agogon UTC. A Kano ko Maraɗi ƙarfe 8 kenan, domin Najeriya da Nijar suna gaba da UTC da awa ɗaya. A Kumasi kuma ƙarfe 7 ɗin ne cif, tunda agogon Ghana daidai yake da UTC. Dashbod yana yi maka wannan lissafin a ɓoye bisa yankin lokacin da ke cikin saitin asusunka. Shi ya sa idan ka ga fostin ɗinka kullum yana fita da saɓanin awa ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi, kada ka zargi sabis. Je ka duba saitin Timezone. Saɓanin da sabis ke jawowa ba ya zuwa cif-cif haka kullum.

Inda abin ke lalacewa, da yadda ake ganewa

A ganina babbar ribar sanin API ga mai amfani da dashbod tana nan ne. Dashbod yakan ce maka Failed ya yi shiru, ko ya ƙara da wata jimla mai laushi wadda ba ta faɗi komai ba. Amma amsar da ta zo daga dandali tana ɗauke da lamba da dalili, kuma manhajoji da dama suna nuna ta idan ka danna kan fostin ɗin da ya gaza.

Mu ce wani daga cikin masu kula da tasharka ya ga baƙon suna a jerin admin ya cire bot ɗin bai sani ba. Gobe da safe amsar da manhaja za ta samu ita ce:

```
{"ok":false,"error_code":403,"description":"Forbidden: bot is not a member of the channel chat"}
```

Lamba 403 tana nufin an gane ko kai wane ne, amma ba ka da izinin yin abin da ka nema. Maganinta a cikin saitin tasha yake, ka mayar da bot ɗin. Ko ka sake danna Retry har dare ba abin da zai canja. Wannan daban yake da 401, wadda ke cewa ba a ma gane ka ba, wato tokin ɗin ya mutu ko an rubuta shi ba daidai ba. Shi ne tushen saƙon nan na Reconnect your account da ke damun mutane. Tokin ɗin bot na Telegram ba ya tsufa sai an soke shi, amma na wasu dandamali yana da wa'adi. Na LinkedIn, alal misali, kwana 60 yake yi. A Facebook kuma canja kalmar sirri yana kashe tokin ɗin da aka bayar a baya. Mutum zai canja kalmar sirrinsa ranar Talata saboda tsaro, ranar Laraba ya tarar duk fostin ɗin da ya jera sun maƙale, ya rasa me ya haɗa su. Ga abin da ya haɗa su.

Lamba 400 kuma laifin abin da ka aika ne. Telegram yana karɓar haruffa 4096 a saƙon rubutu zalla, amma rubutun da ke ƙarƙashin hoton da bot ya tura ba ya wuce 1024. Sai ka rubuta dogon bayanin farashi, ya tafi lafiya jiya, yau ka haɗa irinsa da hoto ya dawo da `message caption is too long`. Rage rubutun za ka yi, ko ka raba shi biyu, hoto daban bayani daban.

Akwai 429, wadda ke cewa ka cika gaggawa. Kowane dandali yana iyakance yawan buƙatun da za a aiko masa. Telegram yana shawartar kada bot ya wuce kimanin saƙo ɗaya a daƙiƙa zuwa wuri guda, kada kuma ya wuce 20 a minti a cikin guruf ɗaya. Idan ka jera hotunan atamfa hamsin duk a ƙarfe takwas daidai, wasu za su iya cin karo da wannan, kuma amsar tana zuwa da `retry_after`, wato daƙiƙa nawa za a jira. Manhaja mai kyau za ta jira ta sake aikawa da kanta, shi ya sa wani lokaci fostin kan makara da ɗan minti. Lambobin da suka fara da 5 kuwa, irin su 500 da 502, matsalar daga sabar dandalin take. A nan ma haƙuri da sake gwadawa su ne magani na gaske.

Wanda ya fi duka wuyar sha'ani shi ne lokacin da babu amsa kwata-kwata. Manhaja ta aika buƙata, Telegram ya karɓa ya wallafa, amma layi ya katse kafin `"ok":true` ya dawo. Daga ɓangaren manhaja ba ta da hanyar sanin ko saƙon ya isa. Idan ta sake turawa, kwastomominka za su ga talla ɗaya sau biyu. Idan ta haƙura ta rubuta Failed, kai kuma ka danna Retry, sakamakon ɗaya ne. Don haka kafin ka sake tura fostin ɗin da dashbod ya ce ya gaza, musamman idan dalilin da ya bayar Timeout ne, leƙa tashar tukuna ka gani ko yana can.

Tokin da kalmar sirri

Ka tuna ranar da ka fara haɗa shafinka da manhajar, aka tura ka shafin Facebook na ainihi, aka jero maka abubuwan da manhajar ke neman izinin yi, ka danna amincewa. Abin da ya faru a lokacin shi ne Facebook ya yanka wa manhajar tokin mai iyakantaccen iko, ba tare da ta taɓa ganin kalmar sirrinka ba. Kana iya soke shi duk ranar da ka ga dama daga saitin asusunka, manhajar ta rasa hanya, asusunka kuma yana nan lafiya. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da duk manhajar da za ta ce ka rubuta mata kalmar sirrinka kai tsaye a cikin shafinta. Yawanci alama ce ta cewa ba ta ƙofar da dandali ya buɗe take bi ba, kwaikwayon mutum take yi, kuma dandamali suna rufe asusu a kan haka. WhatsApp, alal misali, bai buɗe API na ɗora sitatus ba, don haka mai yi maka alƙawarin tsara sitatus ya fita da kansa, ta bayan gida yake bi.

Tokin ɗin bot ɗinka ma sirri ne. Duk wanda ya same shi zai iya wallafa abin da ya ga dama a tasharka da sunan kasuwancinka, har da lambar asusun banki wadda ba taka ba. Gwajin da muka yi a burauza ya bar shi a tarihin bincike, kuma mutane da yawa suna ɗaukar hoton allo su tura guruf suna neman taimako, tokin na nan ɓaro-ɓaro a saman hoton. Idan haka ta faru, koma wurin @BotFather ka rubuta /revoke. Tsohon zai mutu nan take a ba ka sabo, sai ka tuna ka saka sabon a duk inda kake amfani da shi, in ba haka ba 401 za ta gaishe ka da safe.

Kada kuma a manta cewa ƙofar ta mai dandali ce, yana iya ƙuntata ta ko ya sa mata kuɗi. A farkon 2023 Twitter ya toshe manhajojin waje irin su Tweetbot, sannan ya mayar da yawancin API ɗinsa na kuɗi, manhajoji da dama suka daina aiki da shi ko suka ƙara farashi. Idan wata rana ka ga wani abu ya ɓace daga dashbod ɗinka, ba lallai ne laifin masu manhajar ba.

Shin sai ka bar dashbod ka koma rubuta umarni? Ga mai fostin biyu ko uku a rana, a'a, ɓata lokaci ne. Dashbod yana riƙe maka agogo, yana lura da wa'adin tokin, yana jira idan an ce a jira, kuma duk waɗannan za su dawo wuyanka ranar da ka ce za ka yi da kanka. API yana fara biyan wahalarsa ne idan aikin maimaici ne kuma bayanan suna zaune a wani wuri tuni, misali farashin kaya ɗari da ke cikin Google Sheets wanda kake kwafa da hannu kowace safiya. A nan ɗan gajeren shiri zai iya karanto farashin ya haɗa saƙon ya kira `sendMessage`. Zai buƙaci kwamfutar da ba ta mutuwa, da agogon da zai tashe shi, wanda a Linux ake kira cron. Layin da za ka rubuta, idan sabar tana kan agogon UTC kuma kana son ƙarfe takwas na Kano, zai ɗauki sifili a gurbin minti, bakwai a gurbin awa, sannan adireshin shirin naka a ƙarshe:

```
0 7 * * * /home/kai/tura.sh
```